Saita hoton talabijin da hannunka, ba tare da na'ura ba

"Salamu alaikum 'yan uwa. Na sayi sabuwar talabijin inci 43, a shago hoton tar-tar, amma a gida da daddare in an nuno duhu ba na ganin komai. In na ƙara Brightness sai hoton ya yi fari kamar hazo. Ya zan yi? Ina Unguwar Rimi."

Wa alaikumus salam Malam. Na daɗe ina ɗaura wa mutane talabijin a nan Kaduna, kuma kusan kowa wurin Brightness yake ruɗewa. Wannan maɓallin baƙin hoto yake saitawa. Mai ƙara hasken fitilar da ke bayan gilashi shi ne Backlight. Sai dai ka lura, wasu sababbin Samsung da Sony sun mai da sunan fitilar Brightness, na baƙin kuma ya koma Shadow Detail ko Black level.

Kafin komai, fitar da ita daga Vivid ko Dynamic, wannan saitin shago ne don jan ido. Mai da ita Movie ko Cinema, ka kashe Dynamic Contrast da Eco, domin suna canza haske da kansu kana tsakiyar aiki. Ka goge ƙurar gilashin da busasshen ƙyalle mai laushi, sannan ka yi aikin a lokacin da ka saba kallo, da fitilar ɗakin da ka saba kunnawa.

Hoton gwajin kai za ka haɗa a Paint, manhajar zane ta kwamfuta. A kwamfuta baƙi ƙirin lambarsa 0 ne, fari fat 255. Cika shafi da baƙi, ka zana akwatuna uku, na farko ka sa masa 3 a Red da Green da Blue duka, na biyu 6, na uku 10. A shafi na biyu ka bar farin, akwatunan su zama 245, 250 da 252. Ka zuba su a filasha. Kar ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, matsewar da yake yi kan ɓata waɗannan ƙananan bambance-bambancen.

Sa filashar a talabijin, ka buɗe baƙin shafin. Rage Brightness, wato maɓallin baƙin hoto ko da wane suna yake a taka, har akwatunan su ɓace gaba ɗaya, sannan ka riƙa ƙarawa ɗaya-ɗaya. Mai 10 zai fara fitowa, sai mai 6. Da zarar mai 3 ya bayyana da ƙyar daga inda kake zama, tsaya nan. In ka ƙara har bangon ya fara toka-toka, ka wuce wuri, hazon da kake gani ke nan.

Contrast kuma farin yake riƙewa. A shafi na biyu, in ya yi yawa akwatunan za su narke cikin fari, shi ya sa ake ganin mutum da farar shadda ba a ganin aikin wuyan rigar. Rage shi har ukun su fito, farin kuma bai juya ruwan hoda ko shuɗi-shuɗi ba. Ka koma baƙin ka sake dubawa, don taɓa ɗaya kan ɗan motsa ɗayan.

Wani gidan kallo a Rigasa na tarar da Brightness a 72, Contrast 100, Backlight kuma an danne shi ƙasa don a tausaya wa batirin sola. Ciyawar fili ta koɗe, farar jesi ba a ganin ninkinta. Da muka gwada, Brightness ya tsaya a 51, Contrast a 86, muka ɗaga Backlight zuwa rabi. Kar ka kwafi lambobin nan, kowace talabijin da nata. Abin lura shi ne rage Brightness ba ya rage cin wuta a irin waɗannan talabijin, fitilar ce mai ci.

Sharpness ba ya ƙaro komai a hoto, farin layi kawai yake zagaya wa gefen abubuwa. A Paint rubuta baƙin rubutu a kan shafi mai ruwan toka, ka buɗe shi a talabijin, ka matso kusa. Za ka ga farin zobe jikin kowane harafi. Rage har zoben ya ɓace, amma rubutun bai dusashe ba. A wasu wurin yana kusa da 0, a wasu tsakiyar ma'auni ne.

Saitin da ka yi ta filasha ba lallai ya bi ka HDMI ba, don haka rubuta lambobin ka shigar da su a can. In ka yi haka hoton dikoda ya ci gaba da fari-fari, ko duhun ya cushe, matsalar daban ce: bidiyo yana amfani da 16 zuwa 235, ba 0 zuwa 255 ba, to talabijin da dikodar ba su daidaita ba. Nemi HDMI Black Level, ka gwada Low da ɗaya zaɓin, ka bar wanda baƙin ya zauna kuma ana ganin abin da ke cikin inuwa.