Na ƙanƙanta hotunan ofis, ashe a kan na asali na rubuta

Tambaya: Malam, ni sabon akawu ne. An ce in rage girman hotunan ayyukanmu don a tura ta imel, na rubuta ɗan sikirif da `mogrify` na sake shi a kan folda. Sai da mai buga kalanda ya ce hotunan sun yi dishi-dishi na gane na asali ne suka tafi. Allah ya sa oga yana da tsohon faifan ajiya a durowa, muka dawo da yawancinsu. Na makonni uku na ƙarshe ne babu, kuma na cikin Google Drive ma sun ƙanƙance. Wani mai gyara ya ce in kawo kwamfutar da kuɗi zai dawo da su. In kai?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka kai tukuna, kuma ka daina ajiye komai a kan wannan kwamfutar.

`mogrify` bai yi kuskure ba, aikinsa ke nan: ya buɗe hoto, ya sauya shi, ya mayar a kan sunan da ya tarar. Ba ya tambaya, ba ya jefa tsohon a Recycle Bin. Hoto mai faɗin 4000 da tsayin 3000 yana da fiksel miliyan 12. In ka mayar da shi 800 da 600, saura 480,000, wato kashi 4 cikin ɗari. Sauran 96 ba sa cikin fayil ɗin, don haka duk wanda ya ce zai "ƙara masa girma" ya koma yadda yake, hura shi kawai zai yi. Abin da ya ruɗe ka shi ne a cikin folda ƙaramin hoton da ake nunawa iri ɗaya ne. Da ka duba nauyinsu da ka ga abin da ya kai megabayit huɗu ya koma ƙasa da rabin ɗaya, kuma duk ranar gyaransu ta zama guda.

Mai gyaran nan Recuva ko PhotoRec zai kunna maka, kuma kyauta ake samunsu. Suna aiki ne a kan abin da aka goge wanda ba a rubuta komai a gurbinsa ba. A tsohon faifai mai juyawa wani lokaci a kan tsinci ɓurɓushi, a SSD kuwa da wuya. Inda ya fi dacewa a gwada su shi ne memorin kyamarar da ta ɗauki hotunan, in ba a sake cika shi ba.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai wani ya ce mini, "Ai muna da bakof, komai yana Drive." Wannan ba bakof ba ne. Foldar da ke daidaita kanta da Drive madubi ce: ka gyara, ta gyara, ka lalata, ta lalata, kuma cikin mintoci, a kan kowace kwamfutar da aka haɗa. Tana kare ka in an sace kwamfuta ko faifai ya mutu. Ba ta san kuskure ba, ita dai ta ga fayil ya sauya, sai ta ɗauki sabon. Haka ma masu kwafe folda kowane dare da `robocopy /MIR`, suna alfahari da cewa nasu na atomatik ne. Da irinsa ogan naka yake yi, da daren ranar ƙananan hotunan sun hau kan manyan. Faifansa ya cece ku ne saboda yana kwance a durowa, ba a jone da komai ba, kuma ya tsufa da makonni uku. Amma a je ofisoshi a gani: an biya kuɗin intanet, an rubuta a rahoto cewa bayanai suna cikin tsaro, ba wanda ya taɓa gwada dawo da fayil ko ɗaya.

Sa'arka ɗaya, Drive yana riƙe tsofaffin kwafin fayil na ɗan lokaci, kwana 30 ko sauyi 100. Shiga ta burauza, danna dama a kan hoto, ka nemi Manage versions, ka sauke na kafin ranar ɓarnar. Ɗaya bayan ɗaya za ka bi su, aiki ne mai gajiyarwa, kuma kwanakin suna tafiya. Ka fara yau, ka sauke su a wani faifai dabam.

Nan gaba ka ba shi inda zai zuba:

```
mkdir kanana
mogrify -path kanana -resize "800x800>" *.jpg
```

`-path` ne ke hana shi taɓa na asali, alamar `>` kuma tana hana shi hura hoton da tun farko ƙarami ne. Ka fara gwadawa a kan kwafin hotuna biyar, ka duba nauyin na asali bai motsa ba, sannan ka sake shi a kan sauran. Faifan oga kuma a nemo masa na biyu, a riƙa musanya su mako-mako, ana cire kowanne daga kwamfuta da an gama kwafa.