Mu uku ke aikin, sunan mutum huɗu ne a bangon takarda

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Mu huɗu aka haɗa a furojet ɗin shekarar ƙarshe, ni ce shugabar rukunin. Takardun tambayoyi 200 za mu raba wa 'yan kasuwa, kowa 50. Mu uku mun gama namu, ɗayan ko guda bai kawo ba, waya ma sai ya ga dama yake ɗauka. Saura mako uku mu miƙa. In na yi masa raina na ɓaci, in na bari ni za a tuhuma. Kuma ba na son a ce na kai ƙarar ɗan uwa. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Na daɗe ina duba ayyukan ɗalibai na rukuni, kuma abin da na fi gani yana cutar da masu ƙwazo irinki shi ne ɗaukar kayan wani a ɓoye. Wadda ta yi aikin abokin karatunta cikin dare ba wanda ya sani, asara biyu take yi. In aikin ya yi kyau ba wanda zai ce mata sannu, sai abin ya tsaya mata a rai. In ya lalace kuma ba ta da shaidar cewa ba rabonta ba ne tun farko. Don haka in har za ki ɗauka, ki ɗauka da rana tsaka, kowa na gani, da iyaka, kuma a rubuce.

Kafin nan ki tabbatar lalaci ne. Sau da yawa wanda ake kira malalaci kunya ce ta ɗaure shi. Akwai wanda ba zai iya tsayawa gaban mai shago ya yi masa bayani ba, akwai wanda ba shi da kuɗin adaidaita zuwa kasuwa kuma ba zai faɗa gaban mata ba, akwai mai jinyar mahaifi. Yadda ake rarrabewa ba wuya. Kada ki tambaye shi dalili a guruf ɗin WhatsApp, can kare kansa kawai zai yi. Ki sa ɗaya daga cikinku ya same shi shi kaɗai, a ba shi ɗan aiki ƙarami mai rana da lokaci: takarda 15, ranar Alhamis, ƙarfe 4 na yamma, a bakin laburare. Mai uzuri zai kawo bakwai ko takwas, ko ya buɗe baki ya faɗi abin da ke damunsa. Wannan sai ku yi musaya, ku ɗauke masa shiga kasuwa shi kuma ya zauna ya shigar da amsoshi a kwamfuta. Malalaci na gaskiya kuwa zai ce "ba damuwa, an gama" da fara'arsa, Alhamis ta zo wayarsa a kashe.

Wannan hali ba a kanki aka fara shi ba. Wani injiniyan noma Bafaranshe, Max Ringelmann, ya sa mutane jan igiya yana auna ƙarfinsu, aka buga sakamakon a 1913. Da mutum takwas suka ja tare, ƙarfin da kowa ya sa ya sauko kusan rabin wanda yake sawa in shi kaɗai ne. A 1981 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Williams da Harkins da Latané, suka sa mutane ihu cikin rukuni, sai suka ga da zarar an gaya wa kowa cewa ana auna muryarsa ita kaɗai, ragwancin ya kau. Manoman garinmu ba su jira wannan bincike ba. A wurin gayya kowa kunyar da zai nome yake kamawa, ana tafiya a jere, wanda aka bari a baya ba sai an kira sunansa ba, kunyarsa ce ke tona shi. Matsalar furojet ita ce kunyoyin a haɗe suke cikin bango ɗaya, maki ɗaya. Aikinki na shugaba shi ne ki raba su yadda za a ga ta kowa.

Yau ɗin nan ki rubuta saƙo a guruf. Kada ki sa zagi, kada ki sa habaici, kada ki ambaci kalmar lalaci. Lissafi kawai: "An karɓi takarda 150 daga mutum uku. Saura 50 na wane. Muna buƙatar 15 ranar Alhamis ƙarfe 4, sauran 35 ranar Litinin. In ba su samu ba, ranar Talata za mu sanar da Malam mu nemi shawararsa kan yadda za a cike giɓin." Ki rubuta shi yadda ba za ki ji kunya ba in malamin da kansa ya karanta, domin wata rana mai yiwuwa ya karanta ɗin. Ki ɗauki hoton saƙon ki ajiye. Ki lura ya san za a je wurin malam tun kafin a je, ba wanda zai ce an yi masa yankan baya.

Yanzu batun kai ƙara, wanda na ga shi ya fi tsaya miki. Na san yadda muka taso, rufin asiri abu ne mai daraja, kuma ba na son ki rabu da shi. Amma malamin da ke duba aikinku shi ke da alhakin makin, ɓoye masa halin da ake ciki ba rufin asiri ba ne, barin sa ne ya sa hannu kan abin da bai sani ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 148, an yi wa wanda aka zalunta rangwamen ya faɗi abin da aka yi masa, kuma malamai ba su lissafa kai kuka wurin mai ikon gyarawa cikin gulma ba. Gulmar ita ce wadda ake yi a hostel da bakin famfo, wurin mutanen da ba abin da za su iya gyarawa. Wannan ki kiyaye ta, ita ce ke hura wutar zuciya, duk maimaitawa ɗaya sai ɓacin ran ya dawo sabo.

Lokacin zuwan yana da muhimmanci ƙwarai. A ce ni ne malaminku: in kin zo min saura mako biyu, ina da abin yi: in kira shi, in canja rabon aiki, in rage adadin takardun. In kin zo daren da za a miƙa, ko bayan maki ya fito, hannuna a ɗaure yake, kuma tambayar farko da zan yi miki ita ce me ya hana ki faɗa tuntuni. A nan ne laifi ke komawa kan shugaba. Ku je ku biyu ko uku, kada ki je ke kaɗai abin ya zama kamar rigimarki da shi. Ki shiga da tambaya: "Malam, muna da 150 a hannu, 50 ba su zo ba. Mu cike su ne, ko mu yi aiki da 150 mu bayyana dalili a babi na uku?" Malamai da yawa za su amince da na biyun, domin a bincike ba baƙon abu ba ne a raba takardu wasu su ƙi dawowa, muddin an faɗi gaskiyar adadin.

In ya ce a cike, to ki auna kayan kafin ki ɗora a kai. Takarda 50 tsakanin mutum uku, 17 da 17 da 16 ke nan, wuni ɗaya a kasuwa ga kowa. Shigar da kowace a kwamfuta in ta ci minti huɗu, duka minti 200 ne, awa uku da 'yan kai. Na san abin da ke ranki ya fi haka girma nesa ba kusa ba, amma ainihin aikin ke nan. Kada ki kwashe shi ke kaɗai don kina shugaba. Ki kuma ja layi: za ku cike takardun, amma babin da aka ba shi ya rubuta yana nan a wuyansa, kuma kuɗin motar da kuka kashe a madadinsa shi zai biya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cinikin da wasu ke yi, wai ya biya kuɗin firintin da bayindin a sa sunansa kamar ya yi aiki. Wannan sayar da shaidar zur ce.

Ga wani haɗari da nake roƙonki ki sa wa ido. In aka matsa wa malalaci, wani lokaci sai ya bayyana da safe da takarda 50 cif a cike. Na taɓa karɓar irin wannan ƙunshi. Takardun fes, ba lanƙwasa, ba ɗigon manja ko ƙurar kasuwa, biro shuɗi iri ɗaya tun daga ta farko har ta ƙarshe, alamar zaɓi duk ta karkata gefe guda, ba tambaya ko ɗaya da aka tsallake. Takardar da ta shiga kasuwa da gaske ba ta dawowa haka. A ɗaki ya zauna ya cike su. In kika haɗa irin waɗannan da naku aka gano, sunayenku huɗu ne a bango, ba wanda zai tsaya tantance hannun wa. Don haka ki sa wa takardun kowa lamba, nasa daga 151 zuwa 200, ki ajiye su daban, ki tambaye shi layin da ya bi da ranar da ya je. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki nuna wa malam kafin a shigar da su.

Game da ɗacin rai, ba zan ce miki ki yi haƙuri kawai in wuce ba. Abin da ke cin ki shi ne kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, kuma kina da gaskiya. Wani masani, Norbert Kerr, ya nuna a 1983 cewa mutum kan rage ƙoƙarinsa in ya ga abokin aikinsa na iya yi amma ya ƙi, don kada a mayar da shi wawa. Na sha ganin haka da idona: ɗaliba mai kai ta saki aiki don haushi, makin da ya faɗi kuma nata ne, a takardar shaidarta zai zauna. Ki raba abu biyu a ranki. Takardun da za ki cike don makinki kike cike su, ba alfarma kike masa ba, saboda haka kada ki jira godiyarsa. Hukuncinsa kuma ba a hannunki yake ba, kin miƙa shi ga mai shi ranar Talata. In saƙonsa ya shigo da wani sabon uzuri, ki amsa da layi ɗaya kan rana da adadi, ki ajiye wayar.

Ki nemi izinin malam ku sa shafi guda a ƙarshen aikin mai nuna abin da kowa ya yi, kowa ya sa hannu, har shi. Ki rubuta gaskiya ba ƙari ba ragi, in takarda takwas ya kawo a rubuta takwas. Ki ba shi kwafin aikin kwana uku kafin ranar difens ya karanta, wannan haƙƙinsa ne. A zauren kuma in aka jefa masa tambaya ya yi shiru, za ki ji bakinki na motsi ki cece shi. Ki kame. Ki jira sai an juyo an ce, "Shugabar rukuni, ko za ki taimaka?" sannan ki amsa tambayar kanta, ba tare da kin waiwaye shi ba.