Ratsin duhu na yawo a bidiyon biki: yadda ake gyara shi bayan an riga an ɗauka

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a nan Damagaram. Na ɗauki wani kamun amarya da dare a Sabon Gari da wayata, cikin ɗaki mai dogayen fitilun neyon da ƴan ampul na LED. Da na duba a ordinatar sai na ga ratsin duhu da haske suna ta hawa a hoton, bango kamar yana numfashi. Biki ya wuce, masu shi suna jiran aikinsu. Akwai magani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Akwai, kuma idan wayarka ta ɗauka a hoto 30 cikin daƙiƙa, kamar yadda yawancin wayoyi ke yi, to ka faɗa cikin nau'in da ya fi sauƙin gyara. Amma kada ka taɓa komai sai ka ƙirga tafiyar ratsin, domin ƙirgen ne zai gaya maka maganin da ya dace.

Wutar lantarkin Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Fitilar neyon mai tsohon balas, wato na'urar da ke daidaita mata wuta, da ampul ɗin LED mai arha, suna haskawa su dushe sau biyu a kowane juyi, wato sau 100 a daƙiƙa. Idonka bai gani, kamara tana gani. Ita kamarar waya ba ta ɗaukar hoto gaba ɗaya lokaci guda, layi-layi take karantawa daga sama zuwa ƙasa. Layin da aka karanta fitila na kan ƙarfinta ya fito da haske, wanda aka karanta tana dushewa ya fito da duhu. Shi ya sa in ka tsayar da waya a tsaye ka ɗauka, ratsin yakan fito a tsaye, yana tafiya gefe.

Yanzu raba 100 da 30. Ka sami uku da sulusi. Wannan sulusin da ya yi saura shi ke sa ratsin tafiya: kowane hoto yana kama fitilar a wani wuri dabam da na bayansa, da tazarar sulusi. Bayan hoto uku sulusai sun cika ɗaya, ratsin ya koma inda ya faro. Maganin yana cikin wannan lissafi. In ka ɗauki hoto uku a jere ka gauraya su daidai wa daida, inda na farko ya yi duhu sauran biyun sun cike masa, sai bango ya fito da haske ɗaya.

Ka fara da fayil na asali, wanda ke cikin waya ko kati. Kwafin da ya bi ta WhatsApp an matse shi, wuraren duhu sun farfashe sun zama ƴan murabba'ai, kuma in ka ɗaga haskensu ɓarnar ce za ta fito fili. Ka zuba shi a manhajar montaj ɗinka, ka duba yawan hoto a daƙiƙa, ka daidaita aikin da shi. In bidiyon 30 ne ka sa shi a aikin 25, manhaja za ta zubar da wasu hotuna, lissafin uku-ukun ya lalace tun ba a fara ba. Sannan ka zaɓi wuri ɗaya a bango, ka riƙa matsawa hoto ɗaya-ɗaya da kibiyar madannai, kana ƙirga hoto nawa ake yi kafin duhun ya dawo wannan wurin.

Bari in ba ka misalin wani aiki da aka kawo mini, walimar saukar karatu da aka yi a wani zaure a Birni. Neyon biyu a rufi, farin bango, yaro zaune da allonsa, malamai a jere. A hoton farko duhun yana daidai saman hular malamin da ke tsakiya. A na biyu ya bar wurin, a na uku ma haka, a na huɗu ya dawo kan hular. Uku ke nan cif. Na ɗora bidiyon a layin ƙasa na manhajar montaj, na kwafa shi sau biyu a layukan da ke samansa, na kashe sautin kwafin biyu. Na biyun na matsar da shi gaba da hoto ɗaya, na sa `Opacity` ɗinsa, wato ƙarfin bayyanarsa a kan na ƙasa, 50%. Na ukun na ja shi baya da hoto ɗaya, na sa masa 33%. Na ƙasa yana nan a 100%. Mutane da yawa suna sa 50% a duka biyun, sai na saman ya cinye rabin hoton shi kaɗai, ratsin ya ragu amma bai mutu ba. Da 100, 50 da 33 ne kowane hoto yake samun sulusinsa. Ina kunnawa bangon ya tsaya cak, har ɗan rawayan da ke bin gefen duhun, wanda neyon ke jawowa, ya tafi tare da shi.

In kana da FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da ake rubuta wa umarni, wadda kyauta ce kuma ba ta wahalar da ƙaramar ordinatar, layin umarni ɗaya yana yin wannan gaurayen. Gwada da daƙiƙa goma tukuna:

```
ffmpeg -ss 60 -t 10 -i kamu.mp4 -vf tmix=frames=3 -c:v libx264 -crf 17 -c:a copy gwaji.mp4
```

In ya yi maka, sai ka cire `-ss 60 -t 10` ka yi duka.

Ga farashin da ake biya. Abin da ke zaune lafiya lau yake fitowa, amma abin da ke motsi da sauri yana fitowa da inuwa uku. A walimar nan, duk lokacin da yaron ke karatu babu matsala, amma da aka tashi gaisawa hannuwa suka zama kamar ana kallonsu ta cikin ruwa. A kamu abin zai fi yawa: guɗa, tafi, liƙin kuɗi, ƴan mata na shiga suna fita, ga ka kai ma da waya a hannu kana juyawa. Don haka kada ka shafa gyaran a kan fim ɗin duka. Yanka shi gunduwa-gunduwa. Inda amarya ke zaune a lulluɓe ana mata nasiha, sa ukun cikakke. Inda ake rawa, zana wa layukan sama iyakar da ke ɓoye wani ɓangarensu, wato `Mask`, mai laushin gefe sosai, ta yadda gaurayen zai tsaya kan bango da labule da rufi, mutane su fito daga hoton asali. A kan faffaɗan wuri mai launi ɗaya ido ya fi kama ratsi. A kan atamfa da leshi masu motsi da wuya mai kallo ya lura. Ni a ganina ɗan ratsi a jikin mai rawa ya fi fuska mai ido huɗu, kuma masu biki fuskokin danginsu suke nema.

To in ka ƙirga ba ka sami uku ba fa? Tambayi kanka ko da wutar grup, wato injin janareta, aka yi taron. Ƙaramin grup yana ba da juyi 50 ne kawai in injinsa na gudu 3000 a minti, kuma da an ɗora masa firiji ko manyan sifikoki sai gudun ya sauya. In ya haura zuwa 52, fitila na ƙyaftawa sau 104, ka raba da 30 ka sami kusan uku da rabi. A nan hoto biyu ne ke kashe juna, layi ɗaya a sama da 50% ya isa, inuwar ma ta fi sauƙi. In ya sauka zuwa 48, ƙyaftawa 96 ke nan, sai hoto biyar ratsin ke dawowa, kuma gauraya biyar yana jiƙa duk wani motsi. Alamar grup ita ce ratsin yana sauya gudu a cikin ɗauka ɗaya, wani lokaci ya tsaya, har ya juya baya. Irin wannan kowace gunduwa da nata ƙirgen.

Akwai kuma wanda gauraye ba ya yi masa komai. Wanda ya ɗauka a hoto 25 ko 50 cikin daƙiƙa, 100 ta rabu babu saura, ratsin yana zaune wuri ɗaya ko yana rarrafe a hankali. Ka gauraya hoto goma ma duhu ne kan duhu. In kamara na kan ƙafafunta, sai a zana dogon `Mask` mai laushi a kan kowane ratsi a ɗaga haskensa da hannu har ya yi daidai da maƙwabcinsa. Aikin haƙuri ne, amma yana yi.

Ka ambaci LED, ga abin lura a nan. Ampul na gida mai arha yana bin ɗarin nan ta wutar gari, maganinsa ɗaya da neyon. Amma fitilun ado masu sauya launi, irin waɗanda masu dekorasiyo ke jerawa bayan kujerar amarya, suna kunnuwa su mutu da gudun kansu, sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa. Ratsinsu siriri ne, da yawa, gefensa kaifi kamar an ja da rula. In layin ya yi baƙi ƙirin, babu hoto a ƙarƙashinsa da za a ɗago, sai dai a aro daga hoton gaba ko na baya.

Nan ne manhajojin kuɗi suke da amfani, domin suna bin motsin mutum kafin su gauraya, inuwar ta ragu ƙwarai. DaVinci Resolve Studio yana da `Deflicker`. Ka zaɓi `Fluoro Light` ka gani, in da saura ka shiga `Advanced Controls` ka ƙara yawan hotunan da yake dubawa a kowane gefe, ɗaya bayan ɗaya. Ka sa shi a farkon gyaran launi, kafin ka ƙara kaifin baƙi da fari, domin ƙarin yana zurfafa ratsin. Resolve na kyauta ba ya ba ka shi. Akwai kuma Flicker Free na kamfanin Digital Anarchy, wanda ake ɗorawa a Premiere da After Effects. Abu biyu kada su ɓata maka dare: `Anti-flicker Filter` na cikin Premiere an yi shi ne don rawar siraran layuka a allon talabijin, shi kuma `deflicker` na FFmpeg hasken hoto gaba ɗaya yake daidaitawa, bai san sama da ƙasa sun bambanta ba.

Bikin gaba, kafin amarya ta fito, nufi farin bango da wayar ka kalli allon. In ratsi na tafiya, shiga `Pro` a kamarar wayar ka kafe `Shutter`, wato tsawon lokacin da take shan haske, a 1/50 ko 1/100, ta yadda kowane layi zai sha ƙyaftawa cikakkiya. In a grup ake, ka matsa shi kaɗan sama ko ƙasa har bangon ya natsu, ka sake dubawa duk sanda ka ji muryar injin ta sauya.