Majigi yana nuna wa jama'a bayanana na sirri

Tambaya: "Ina da jawabi na minti 15 a Jami'ar Damagaram. Da na haɗa kwamfuta da majigi, sai bayanan da na rubuta wa kaina a PowerPoint suka fito a bango. Yaya zan yi?"

Malama, kwamfutarki ce ke maimaita allo ɗaya a wuri biyu. Danna Windows + P, ki zaɓi Étendre, wato Extend idan na'urar da Ingilishi take. Daga nan ki shiga Diaporama ki sa alama a Utiliser le mode Présentateur, ki danna F5. Bango zai nuna shafin da kike kai kaɗai, ke kuma kina ganin shafi na gaba da bayananki a dama. Idan suka juye, akwai Paramètres d'affichage a sama, a nan ake musanya su.

Agogon da ke saman shafin yana fara ƙirga ne tun lokacin da kika danna F5, ko da shugaban zama bai gama gabatar da ke ba. Saboda haka ki mayar da shi sifili da za ki fara magana. Kuma ba ya yin ƙara don sanar da ke in lokaci ya cika. Idan shafukanki 12 ne, rubuta "minti 7" a bayanan shafi na 6, da kin iso nan sai ki duba.

A gida, Alt + F5 zai ba ki damar gwaji ba majigi. In Étendre ya ƙi fitowa da hoto, nemi mai kula da na'urorin zauren ya duba wayar HDMI.