Kawuna ya yi tagin ɗina a rubutun siyasa, in mayar masa da martani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar gwamnati ne a nan Gombe. Shekaranjiya kawuna ya ɗora wani hoto a Facebook da aka ɗauke mu tare a wajen ɗaurin aure a Kumo, ya rubuta maganganu masu zafi a kan wani ɗan siyasa, sannan ya yi tagin ɗina da wasu mutum kusan arba'in. Ni ba ra'ayina ba ne, kuma abokan aiki har sun fara yi min magana. In shiga ƙarƙashin rubutun in bayyana cewa ba da yawuna ba ne, ko yaya zan yi? Daga wani malami, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka fara da rubuta komai a ƙarƙashin rubutun nan. Ko alamar fushi kada ka danna masa. Dalilin ba na tarbiyya ba ne kawai, na yadda Facebook ke aiki ne.

Facebook na zaɓar abin da zai nuna wa mutane bisa motsin da ake yi a kan rubutu. Kowane sharhi da kowane layik shaida ce a wurinsa cewa abin yana jan hankali, ko da sharhin na ƙin amincewa ne. Idan rubutun a buɗe yake ga kowa, wato akwai ɗan hoton duniya kusa da lokacin da aka ɗora shi, to sharhinka ma a buɗe yake, kuma ana iya kai rubutun gaban abokanka da ba su san da shi ba, da bayanin cewa ka yi sharhi a kai. Ka ga ke nan wanda ka shiga domin ka wanke kanka a idonsa, kai ne ka kai masa labarin. Sannan a zauren siyasa ba a barin magana ta faɗi ƙasa. Ka rubuta layi ɗaya, magoya bayan kawu su yi maka caa, 'yan ɗaya ɓangaren su ɗauke ka nasu su fara yi maka kirari, kafin la'asar ka zama kai ne abin tattaunawa.

Abin da za ka fara yi shi ne ka ɗauki sikirinshot na rubutun yadda sunan kawu, kwanan wata da maganar duk za su fito, ka ajiye. Ba don ka kai ƙararsa ba. Idan wata rana wani a ofis ya ce kai ka rubuta, kana da abin nunawa, ko da an goge rubutun ko an gyara shi.

Daga nan sai cire sunanka. Buɗe rubutun, ka danna ɗigo ukun nan da ke sama ta hannun dama. A nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe, domin zaɓi biyu ne masu kama da juna. "Hide from profile" yana ɗauke rubutun daga shafinka ne kawai, amma sunanka na nan manne a jikinsa, duk wanda ya gani a wajen kawu zai danna ya faɗo shafinka. "Remove tag" shi ne ke tsinke igiyar da ta haɗa ka da rubutun. Shi kake nema. Facebook ba ya aika wa kawu sanarwa cewa ka cire, sai dai in shi da kansa ya koma ya ƙirga sunaye, kuma cikin mutum arba'in da wuya ya lura. Yadda za ka tabbatar ya yi aiki, ka rufe manhajar ka sake buɗe rubutun, ka danna inda aka rubuta yana tare da wane da wasu mutum kaza. In babu sunanka a jerin, an gama wannan.

Idan ɗigo ukun ba su nuna maka zaɓin ba, musamman a Facebook Lite da yawancinmu ke riƙewa saboda tsadar data, ka bi ta "Activity log" a shafinka, ka nemi "Activity you're tagged in". A can za ka ga duk inda aka taɓa maƙala sunanka, kuma kana iya zaɓar da yawa ka cire su a lokaci guda. Ka shirya ganin abin mamaki: tallan atamfa da na fili a Tumfure da aka yi tagin ɗinka tun shekarun baya duk suna nan.

Amma fa tsugune ba ta ƙare ba, kuma a nan ne matsalarka ta bambanta da ta wanda aka saka sunansa kawai. Fuskarka na cikin hoton. Cire tagin ba ya goge hoto, ba ya goge rubutu, domin a shafin kawu suke, kuma shi kaɗai ke da ikon sauke su. Wanda ya san ka zai gane ka ko da suna ko babu. Kana iya danna "Report post", amma kada ka ɗora rai a kai: Facebook na sauke abin da ya karya ƙa'idojinsa ne, kamar barazana, tsiraici ko cin zarafi ƙarara. Hoton ɗaurin aure da zazzafan ra'ayin siyasa ba lallai su shiga wannan sahu ba, kuma "ban yarda da abin da ya faɗa ba" ba dalili ba ne a wurinsu.

Saboda haka martaninka na gaskiya ba a Facebook zai kasance ba, a waya ne ko a zauren gidansa. Kawu ba abokin wasanka ba ne da za ka ƙaryata a bainar jama'a. Ranar da ka rubuta masa "ban yarda ba" a gaban mutane, maganar ta tashi daga siyasa ta koma rashin kunya, kuma kafin dare za ta isa kunnen mahaifiyarka. Ka kira shi, ko ka tura saƙon murya ta WhatsApp, ka ce wani abu kamar haka: "Salamu alaikum Kawu, barka da yamma, ya iyali? Na ga hoton da kuka ɗora na ɗaurin auren Kumo. Alfarma nake nema, kun san yanayin aikinmu na gwamnati, an fara yi min magana a makaranta. Don Allah ko za a sauya hoton da wanda ba na ciki. Allah ya ƙara girma."

Ka lura ban sa ka yi musu da ra'ayinsa ba. Ba ka ce ɗan siyasar mutumin kirki ne ba, ba ka ce kawu ya yi kuskure ba. Abu ɗaya ka roƙa, mai sauƙin yi, kuma ka ba shi dalilin da ba zai ji kunyar karɓa ba. Ni a ganina yawancin dattawan da ke yin tagin ɗin mutum arba'in ba su ɗauke shi a matsayin jingina wa kowa magana ba. Su a wurinsu hanya ce ta cewa zo ka gani, kamar yadda ake tura katin biki. Wataƙila ma bai san yadda ake cire hoton ba. In haka ne, ka je ka karɓi wayar ka yi masa: ɗigo uku, "Edit post", a cire hoton a bar masa rubutunsa, ko a goge duka ya sake ɗorawa da wani hoton. Hoton da aka riga aka kwafa aka watsa a zaurukan WhatsApp kuwa, wannan ya riga ya fita daga hannun ku biyun.

To yaushe ne magana a fili ke zama dole? Idan an sa maka magana a baki ne. Da bambanci tsakanin kawu ya faɗi ra'ayinsa ya saka sunanka a jerin mutane, da ya rubuta cewa kai da shi kun yanke shawarar kaza, ko kai ka ba shi labarin kaza daga wurin aikinka. A na biyun, shiru na iya zama kamar amincewa. In ya ƙi gyarawa bayan ka roƙa, ka rubuta jimla biyu a shafinka, ba a ƙarƙashin nasa ba, ba tare da ambaton sunansa ko yin sharin ɗin rubutun ba: "Akwai wani rubutu da ke yawo da hotona. Hoton na wajen ɗaurin aure ne, kuma maganar da ke jikinsa ba tawa ba ce." Shi ke nan. Ka sa masu gani su zama "Friends", kada ka amsa masu neman ƙarin bayani a ƙasa. Shugaban makarantarku kuma, in maganar ta kai gare shi, ka same shi a ofis ka nuna masa sikirinshot ɗin. Wannan ya fi sharhi goma amfani.

Saura rigakafi, domin kakar siyasa ba ta wucewa sai wata ta kunno kai. Ka shiga "Settings & privacy", sannan "Settings", ka nemi "Profile and tagging". Ka kunna "Review posts you're tagged in before the post appears on your profile". Daga ranar, duk abin da aka yi tagin ɗinka zai tsaya yana jiran izininka kafin ya hau shafinka. Sai dai ka san iyakarsa, don mutane na kunna shi su saki jiki: shafinka kawai yake tsarewa, bai hana a yi tagin ɗin ba, kuma sunanka zai ci gaba da bayyana a rubutun can wajen mai shi har sai ka je ka cire da hannunka.

A wannan shafin dai akwai wata tambaya da ba a cika kula ta ba, wadda ke tambayar su wa za a ƙara cikin masu ganin rubutu idan an yi tagin ɗinka. In tana kan "Friends", to rubutun da kawu ya taƙaita wa abokansa kaɗai zai buɗe wa naka abokan ma, albarkacin sunanka da ke jiki. Mai yiwuwa ta nan abokan aikinka suka gani. Mayar da ita "Only me". Wannan ba ya tasiri a kan rubutun da aka bar shi a buɗe ga kowa.

Bulokin shi ne kaɗai ke hana mutum sake tagin ɗinka gaba ɗaya, amma ban ba ka shawarar yi wa kawu ba, tunda gobe za ku haɗu a wajen suna. Ka ajiye shi don baƙon da ba ka sani ba, irin masu tagin ɗin mutane a rubutu mai ɗauke da linki suna cewa za a rufe shafinka ko ka ci kyauta. Irin wannan kada ka taɓa linkin, kada ka yi sharhi ko da na gargaɗi ne, ka cire tagin ka kai rahoto. In kuma a shafin wani ɗan'uwa ka ga irin wannan rubutun, da salon da ba nasa ba, kira shi a waya ka ce ya canza faswod ɗinsa yanzu, domin alama ce an shige masa akawun.