Amsa ga malamar da ke shirin ɗaukar mai zane don littafin yara

Tambaya: "Assalamu alaikum. Anti, na gama rubuta wani ɗan labari na yara kuma na samu wani matashi mai zane a nan Sakkwato. Ya ce in tura masa labarin da kafin alƙalami ya soma aiki. Me ya kamata in ba shi, yaya ake biya, kuma idan na biya shi hotunan sun zama nawa ke nan?"

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, ƙanwata, Allah ya sanya albarka a wannan aiki. Zan ɗan tsawaita, don haka ina roƙon 'yan uwa na wannan zaure su yi haƙuri da ni. Roƙona na farko gare ki shi ne kada ki tura ko naira ɗaya sai kun zauna ke da shi kun rubuta takarda guda wadda ta ƙunshi abin da zai zana, da yadda za ki biya, da abin da kike da ikon yi da hotunan bayan ya gama. Ni kaina na taɓa yin sakaci da wannan takarda, kuma zan gaya miki abin da ya biyo baya.

Labarin kaɗai bai ishi mai zane ba, sai kin raba masa shi shafi-shafi. Littattafan yara masu hotuna sukan zo da shafi 24 ko 32, saboda maɗaba'a kan buga shafuffuka da yawa a kan babbar takarda ɗaya sannan a ninke ta, shi ya sa adadin yakan tafi takwas-takwas. Littafina na farko mai shafi 24 ne, labarin wata yarinya da akuyarta ta ɓata ranar kasuwa. Shafi na 1 ya ɗauki suna, na 2 bayanin bugu da lambar shaidar littafi ta ISBN wadda ake karɓa daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, na 3 sadaukarwa, na 24 kuma tambayoyi ga yara. Labarin ya zauna daga shafi na 4 zuwa na 23, wato shafi 20, waɗanda idan an buɗe littafi suke zama fuska goma, hagu da dama a haɗe. Saboda haka abin da nake buƙata hoto goma ne manya da na bango ɗaya. Ki ɗauki farar takarda shida ki ninke su biyu, za su ba ki shafi 24 cif, sai ki rubuta jimlolin kowane shafi da biro a inda kike so su zauna. Wannan ɗan littafi na gwaji shi za ki miƙa masa, domin zai ga inda zai bar fili don rubutu, ya kuma guji sanya fuskar yarinya a tsakiya inda ɗinki zai cinye ta.

Daga nan sai bayanin abin da ido zai gani, kuma a nan ne marubuta suka fi yin rowar magana, don suna zaton abin da ke cikin kansu kowa yana ganinsa. Na rubuta wa mai zanena "akuya" kawai, sai ya kawo mini farar akuya mai dogon gashi irin wadda ya saba gani a hotunan waya. Ni kuwa jar akuyarmu ta Sakkwato nake nufi, mai gajeren gashi da sheƙi, wadda fatarta ta yi suna a duniya. Washegari na tafi Kara da wayata na ɗauko masa hoton akuya ta gefe da ta gaba, na ɗauko rumfar mai fura da ƙwaryarta da faifan da aka rufe ta da shi, na ɗauko katangar laka da indararo. Daga ranar zanensa ya koma gida. Ki gaya masa shekarun yarinyar, da irin kitsonta, da launin atamfarta, da ko tana sa hijabi idan za ta fita, da lokacin da labarin ke faruwa, domin hasken hunturu mai hazo daban yake da na damina. Amma kada ki tsara masa inda kowane mutum zai tsaya da yadda zai ɗaga hannu, wannan sana'arsa ce, kuma sau da yawa zai hango abin da ke ba ki hango ba.

Kafin ya taɓa shafi ko ɗaya, ya zana miki yarinyar ita kaɗai a takarda guda: tana dariya, tana kuka, tana gudu, ta gaba da ta baya. Yara suna lura ƙwarai, idan fuskar ta canja tsakanin shafi na 6 da na 14 za su tambaye ki ko wata yarinya ce dabam. Bayan kin amince da wannan sai ya yi zanen fensir na dukkan shafuffuka, kuma a wannan mataki ne ake gyara, domin goge fensir abu ne na mintuna, amma sauya hoton da aka gama yi wa launi aikin kwanaki ne. Ku rubuta cewa kina da damar gyara sau biyu a matakin fensir ba tare da ƙarin kuɗi ba, abin da ya wuce haka kuwa za ki biya, in dai ba shi ne ya saɓa wa bayanin da kika ba shi ba.

Ki je maɗaba'ar da za ta buga miki tun yanzu ki tambayi girman shafi, ki ba mai zane a rubuce. Ya ƙara milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, ya yi aikin a kan 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, launin kuma ya dace da CMYK, tsarin launi na injin bugu, domin shuɗi da kore masu ƙyalli da kike gani a waya, wato RGB, sukan dushe a takarda. Kada ki karɓi hotunan ƙarshe a matsayin hoto ta WhatsApp, don yana matse su, sai dai ya turo ta Document ko ya zuba miki a filashi.

Game da kuɗi, zan ba ki lissafi na misali kawai, farashin gaskiya ke da shi za ku daidaita gwargwadon ƙwarewarsa. A ɗauka kun yi ciniki a kan naira 20,000 kowace fuska, goma sun zama 200,000, bango kuma 40,000 saboda shi ke sayar da littafi kuma ya fi cin lokaci, jimla 240,000. Ki raba uku. Kafin alƙalami 80,000 ranar sa hannu, 80,000 ranar da kika amince da zanen fensir duka, ragowar 80,000 ranar da fayilolin ƙarshe suka shigo hannunki kuma maɗaba'a ta buɗe su ta ce sun yi. Hikimar wannan rabo ita ce babu wanda zai yi nisa da haƙƙin ɗan uwansa a hannu. Ku sa ranar kowane mataki, ku kuma faɗi abin da zai faru idan aiki ya tsaya: idan ke kika fasa, abin da kika biya na aikin da ya riga ya yi ya zama nasa, idan shi ya gaza, ya mayar da kuɗin matakin da bai cika ba. Kuma don Allah idan ranar biya ta zo ki biya, kada ki bar yaro yana yi miki sallama a waya kamar mai bara alhali guminsa yake nema.

Yanzu ga babbar maganar. Biyan kuɗin zane ba ya mayar da haƙƙin mallakar hoton gare ki. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, haƙƙi yana farawa ne a hannun wanda ya ƙirƙiri aikin, sai fa idan yarjejeniya ta ce wani abu dabam, kuma mallaka wa wani haƙƙin ko ba shi izinin da ya keɓanta da shi kaɗai ba ya tabbata sai a rubuce. Ko da ya miƙa miki takardar da ya yi zanen a kanta, takardar kika mallaka, ikon bugawa da yaɗawa yana nan a wurinsa. Wannan haƙƙi kuma yana da tsawon rai, yana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai zanen, ma'ana wata rana da magadansa za a yi magana.

Ga yadda na gane hakan. Bayan littafina ya fita da kusan shekara biyu, wata ƙungiya mai aikin ilimi ta nemi ta fassara shi zuwa Fulfulde ta raba a makarantu, sai suka ce in kawo shaidar cewa ina da iko a kan hotunan. Ba ni da komai sai saƙonnin waya da shaidar tura kuɗi. Na koma wurin mai zanen, ya ce mini cikin ladabi, "Hajiya, ai bugun Hausa muka yi magana a kai." Raina ya sosu a lokacin, amma da na natsu na ga gaskiyarsa ce, don ba mu taɓa ambaton fassara ba. Muka sake ciniki na ƙara masa kuɗi. Sannan wata matsala ta ɓullo: ya manne rubutun Hausa a jikin hotunan, fayil na asali mai hawa-hawa, wanda rubutu da zane suke a rabe a cikinsa, kuma ya tafi da tsohuwar kwamfutarsa, dole ya sake zana sararin sama da bangon gida a shafi bakwai. Saboda haka ki sa a takarda cewa zai ba ki hotuna tsirara ba rubutu a kansu, a nau'in fayil na TIFF ko PSD, rubutu kuma a ɗora shi dabam.

Hanya biyu ce a gabanki. Ko dai ya mallaka miki haƙƙin gaba ɗaya, wanda adalci shi ne kuɗinsa ya fi na zane kawai tun da ya rabu da abin har abada, ko kuma haƙƙin ya zauna a wurinsa ya ba ki izini na ke kaɗai. Ni na fi son ta biyu ga mai littafin farko, domin ta fi sauƙin kuɗi kuma ba ta barin ɗaci a zuciyar mai zane idan littafi ya karɓu. Sai dai izinin ya fito fili: bugu a takarda da na waya, kowane harshe, sake bugu, talla da fosta, ikon ki ba wani mai bugu ko ƙungiya izini a ƙarƙashinki, da adadin shekaru, misali goma. Maimakon kaso cikin ɗari na ciniki, wanda lissafinsa ke da wuya ga mai kai littafi makarantu da kanta wasu kuma su karɓa bashi, ku yanke masa kuɗi sananne a kan kowane sabon bugu ko fassara. Shi kuma ya amince ba zai sayar wa wani da yarinyar da akuyarta ba, amma yana iya nuna hotunan a matsayin samfurin aikinsa bayan littafi ya fita, ya kuma rubuta cewa zanen na hannunsa ne, bai kwaso na wani ba.

Ko wace hanya kika bi, sunansa ya fito a bango tare da naki, domin doka ta ba shi haƙƙin a danganta masa aikinsa da kuma ƙin a ɓata shi ta yadda zai zubar masa da mutunci, wannan kuwa ba ya bin kuɗi ya tafi. Ku sa hannu ku biyu da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi, idan kuma ƙungiya ko babban mai bugu ya shigo ciki, ki kai wa lauya ya duba kafin ki sa hannu a tasu takardar. Takardar da nake amfani da ita yanzu shafi ɗaya da rabi ce da Hausa, zan cire sunaye in turo ta nan zauren bayan sallar isha'i in sha Allah, sai ki gyara adadin shafuffuka da kuɗin su dace da naki littafin.