Wayata ta ce ta cika, alhali hotunana ba su da yawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Wayata Tecno ce mai 32GB. Kullum sai ta riƙa cewa wuri ya ƙare, ko sabunta WhatsApp ta ƙi yi, ga shi hotunana ba su kai 300 ba. Da na duba, na ga System 11GB, Apps 15GB, hotuna da bidiyo 2GB, Other 3GB. Na sa katin memori amma babu abin da ya canza. Me ke cinye wurin, kuma me zan goge ba tare da na yi asara ba? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wayarki gaskiya take faɗa, ta cika ɗin. Abin da ke rikita mutane shi ne suna auna cikar waya da abin da suke gani a wurin hotuna, alhali wannan wurin ƙaramin yanki kawai yake nunawa. Ko da kin goge duk hotunanki yau, 2GB kaɗai za ki samu, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan saƙon zai dawo. Don haka ki bar hotunan biki da na yara inda suke tukuna.

Mu fara cire `System` daga lissafi, domin ba naki ba ne. Shi ne Android ɗin kansa, da kwalliyar da kamfani ya ɗora masa, da manhajojin da wayar ta zo da su. Tun ranar da aka ciro ta daga kwali wannan kason a kame yake, saboda haka waya mai 32GB a zahiri kusan 20GB take bai wa mai ita. Babu maɓallin goge shi, kuma duk manhajar da ta yi miki alkawarin share shi, talla kawai za ta cika miki fuska da shi. Abu ɗaya ne a wannan ɓangaren yake hannunki. Wayoyin Tecno da Infinix na 'yan shekarun nan suna da `MemFusion`, Samsung kuma `RAM Plus`, wato ƙarin RAM ɗin nan da ake rubutawa a kwali kamar 4+4GB. Daga cikin ma'ajiyar wayar ake gutsuro shi. Ki rubuta sunan a wurin bincike na `Settings`. Idan akwai shi a kunne, ki rage ko ki kashe, ki sake kunna wayar. A kan ƙaramar waya, wurin ajiyar ya fi miki amfani.

Sai abin da kowa ke cewa a goge, wato `Cache`. Wannan ajiyar wucin gadi ce. Idan kina kallon Facebook ko TikTok, manhajar tana adana hotuna da guntayen bidiyon da kika wuce don kada ta sake sauko da su da datarki idan kin dawo. Goge ta ba ya taɓa asusunki ko saƙonninki. Ki shiga `Settings`, sai `Apps` ko `App management`, ki zaɓi manhajar, ki danna `Storage`, sai `Clear cache`. Ki yi wa Facebook da TikTok da Chrome da Instagram da YouTube, duk wanda kike da shi.

A nan ki kula sosai, domin kusa da wannan maɓallin akwai `Clear data` ko `Clear storage`. Shi wannan mayar da manhajar yake yi kamar yau aka sauke ta. A Facebook zai fitar da ke, sai kin sake sa kalmar sirri, kuma mutane da yawa ba su san tasu ba domin wani ne ya buɗe musu. A WhatsApp zai share hirarrakin da ke wayar, sai dai abin da aka riga aka yi wa ajiyar ko-ta-kwana ya dawo. A manhajar banki kuma sai kin sake tabbatar da wayar. Kada ki danna shi a waɗannan.

Sannan kada ki sa rai da yawa a kan `Cache`. Ya kan ba da 1GB ko 2GB a wayar da aka daɗe ba a share ba, amma yana sake taruwa da zarar kin ci gaba da kallo. Kamar sharar tsakar gida yake, kullum sai an maimaita. Ainihin nauyin yana wani wuri, kuma a mafi yawan wayoyin da ake kawo mini, WhatsApp ne.

Dalilin da ba kya ganinsa shi ne WhatsApp yana ɓoye wasu foldoji daga wurin hotuna. Duk bidiyon da kika tura wa wani daga wayarki, ana ajiye kwafinsa a wata folda mai suna `Sent`, wadda ke ɗauke da fayil ɗin `.nomedia` da ke hana ta bayyana. Kin goge asalin bidiyon, kin ɗauka ya tafi, kwafin yana nan zaune. Haka saƙonnin murya, haka wa'azi da karatun da ake zubawa a guruf, haka takardu. A waya mai Android 11 zuwa sama, ga inda suke idan kin buɗe `File Manager`:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Databases
```

A tsofaffin wayoyi foldar `WhatsApp` tana nan a fili da zarar kin buɗe `Internal storage`.

Wata tela ta taɓa kawo mini waya irin taki, ita ma 32GB, saura mata ƙasa da 500MB. Sana'arta ta sa kullum tana tura wa masu ɗinki bidiyon samfuran kaya, kuma tana cikin guruf-guruf na masu sayar da atamfa da leshi. Da muka share `Cache` muka samu kusan 1.5GB. Da muka buɗe `WhatsApp Video` muka shiga `Sent`, sai ga fiye da 4GB na bidiyon da ta rantse ta goge tuntuni, wasu tun na sallar bara. A `Databases` kuma akwai wajen 1GB. Abin da muka samu a WhatsApp ya ninka na `Cache` fiye da sau 3, kuma ba mu taɓa hoto ko ɗaya daga kyamararta ba.

Hanya mafi aminci ita ce ki fara daga cikin WhatsApp ɗin. Ki shiga `Settings`, `Storage and data`, `Manage storage`. Zai nuna miki `Larger than 5 MB` da `Forwarded many times`, a ƙasa kuma ya jera hirarraki daga mafi nauyi zuwa ƙasa. Yawanci guruf 2 ko 3 ne za ki tarar sun riƙe mafi yawan wurin. Ki shiga, ki zaɓi abin da ba kya so, ki goge. Bayan nan ki koma `Storage and data`, ƙarƙashin `Media auto-download` ki cire alamar bidiyo da sauti da takardu, don kada komai ya sauka sai kin danna da kanki. Wannan ne ke hana matsalar dawowa, ga kuma data da zai rage miki.

Idan kin je foldar `Sent`, ki sani cewa abin da kika goge a nan ba zai ƙara buɗewa a cikin hirar ta ɓangarenki ba, ko da yake wanda kika tura wa nasa yana nan. A `Databases` za ki ga `msgstore.db.crypt14`, ko `crypt15` a wasu wayoyin, wanda shi ne sabuwar ajiyar hirarrakinki. Shi ki bar shi. Waɗanda ke da kwanan wata a cikin sunansu tsofaffin kwafi ne na kwanakin baya, su za ki iya gogewa. Idan kuma kina da WhatsApp na 2 ta hanyar `App Twin` ko `XClone`, shi ma yana da nasa tarin daban, sai ki yi masa `Manage storage` nasa.

Kason `Other` galibi kayan da aka manta ne: foldar `Download`, foldar Xender da fina-finan da aka turo, da fayilolin da ke ƙarewa da `.apk`, waɗanda ba su da sauran aiki bayan an riga an saka manhajar. Ki kuma duba `Trash` ko `Recently deleted` a wurin hotuna, domin abin da kika goge ya kan zauna a can kusan kwana 30 yana cin wuri kafin ya tafi da kansa. Mutum zai goge bidiyo 20 ya ga lissafi bai motsa ba, dalilin ke nan.

Yanzu maganar kati. Sa kati a waya ba ya kwashe komai da kansa, ke za ki kai kayan. Ki buɗe `File Manager`, ki zaɓi foldoji irin su `DCIM` da `Download` da `Movies` da bidiyon WhatsApp da kike son adanawa, ki yi `Copy` zuwa `SD card`. Ki buɗe wasu daga cikinsu a katin ki ga suna aiki, sannan ki goge na cikin wayar. Na fi son wannan a kan `Move`, domin idan katin na da matsala, asalin yana hannunki. Sai ki shiga saitin kyamara ki mayar da wurin ajiya zuwa kati. Boomplay da YouTube su ma suna da zaɓin sauke kaya a kati.

Abin da kati ba ya ɗauka shi ne mafi yawan manhajoji, kuma nan ne 15GB ɗinki yake. WhatsApp ba ya komawa kati. Sabon abin da aka turo miki cikin wayar zai ci gaba da sauka. Wasu wayoyin suna ba da zaɓin `Format as internal`, wanda ya zo tun Android 6 a 2015, yana haɗe katin da wayar. Ban cika ba da shawararsa ba. Zai share duk abin da ke katin kafin ya fara, ya kuma kulle shi ta yadda wata waya ko kwamfuta ba za ta iya karanta shi ba. Ranar da wayar ta lalace, ko katin ya mutu, kayan sun tafi. Idan katin mai jinkiri ne kuma, wayar gaba ɗaya za ta riƙa nauyi. Ki bar shi a `Portable storage`.

Ki gwada katin kafin ki amince masa da abin da ba ki da kwafinsa, domin jabu sun yi yawa a kasuwa. Na jabun zai nuna 64GB ko 128GB a waya, alhali ainihin abin da ke cikinsa bai wuce 8GB ba. Kayan farko za su shiga lafiya, da an wuce ainihin girmansa sai hotuna su koma baƙi ko toka-toka, bidiyo ya ƙi buɗewa, foldoji su ɓace ko su fito da sunaye marasa ma'ana. Mai gyaran waya da ke da kwamfuta zai iya gwada miki shi da H2testw, wadda ke cika katin ta sake karantawa ta faɗi gaskiyar girmansa. A gida kuma, ki zuba masa manyan bidiyo har ya kusa cika, ki kashe wayar ki kunna, ki buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Wajen saye ki nemi mai alamar `Class 10` ko `A1` a jikinsa.

Ki yi ƙoƙari ki riƙa barin 2GB zuwa 3GB fanko a cikin wayar kanta. Play Store na buƙatar wurin da ya fi girman manhajar, domin sai ya sauke, ya warware, sannan ya saka, shi ya sa sabuntawa ke tsayawa ko da kin ga saura 'yan ɗaruruwan MB. Idan bayan duk wannan `Apps` bai sauka ba, ki jera manhajojin bisa girma, ki cire waɗanda kika yi wata ba ki buɗe ba, ki kuma maye gurbin Facebook da Facebook Lite, wanda bai kai rabin nauyinsa ba.